Rahoton abokin aikina bai yi ba, yaya zan gaya masa?

Tambaya: Abokin aikina, wanda muke matsayi ɗaya da shi, ya ba ni rahoton ƙorafin abokan ciniki na zango na uku in duba kafin ya miƙa wa manaja ranar Alhamis. Ya ce ƙorafi ya ragu da kashi 20 cikin ɗari, daga 475 zuwa 380, saboda sabon tsarin amsa waya. Amma 475 na wata uku ne, 380 kuwa na wata biyu, don ba a shigar da Satumba ba. Shafi na 2 ya ce 412, jadawalin shafi na 7 ya ce 380. Ga kuma kurakuran rubutu. Na rubuta masa wannan, ban tura ba: "Gaskiya rahoton nan ba kai ba gindi. Da alama ko duba alƙaluman ba ka yi ba. Kullum sai ka yi gaggawa. A sake shi gaba ɗaya." Yaya zan gyara maganar ba tare da na ɓoye gaskiya ko na ɓata masa rai ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kyauta da ba ka tura ba. Ka sake karanta jimloli huɗun nan naka, ka nemi gaskiyar da kake tsoron ɓoyewa. Ba za ka same ta a ciki ba. Babu Satumba, babu 475, babu shafi na 7. Duk abin da ka gano, ni ka faɗa wa, shi kuwa ka ajiye masa fushin da ganowar ta jawo maka. Idan ya karanta saƙonka zai san ranka ya ɓaci, amma ba zai san layin da zai gyara ba. Wannan shi ne abin da na fi gani a aikin tace rahotanni: saƙo mai zafi yakan zama mai ƙarancin bayani, domin mai rubuta shi ya ɗauka zafin ne gaskiyar. Saboda haka gyaran da kake nema zai ƙara tsawon saƙonka, kuma zai ƙara masa ƙarfi.

Mu fara da lissafin, domin shi ne zai gaya mana irin nauyin da maganar ke buƙata. Raba 475 gida uku, ka sami kusan 158 a wata. Raba 380 gida biyu, ka sami 190 a wata. Ke nan a watannin da ake da alƙalumansu ƙorafi ya hau ne, da kusan kashi 20 cikin ɗari, daidai akasin abin da rahoton ya faɗa. Wannan ya wuce kuskuren da ake gyarawa da alƙalami a gefen shafi. Babbar maganar rahoton ce ta kife. Idan manaja ya karɓa a haka, zai iya yanke shawarar faɗaɗa tsarin amsa wayar bisa hujjar da ba ta nan, kuma ranar da wani ya lura, sunan abokinka ne a kan takardar. To ka riƙe wannan: duk yadda za mu sassauta harshe, jimlar da ke cewa sakamakon ya juya dole ta tsaya a saƙon, a sama, da alƙalumanta. Abin da za a sassauta yana wani wuri dabam.

Ga inda yake. A cikin jimlolinka huɗu, biyu ba su shafi rahoton ba, mutumin suka shafa. "Da alama ko duba alƙaluman ba ka yi ba" magana ce a kan abin da ya faru a teburinsa lokacin da ba ka nan. Ba ka sani ba. Mai yiwuwa ya duba har sau uku, amma manhajar da ya ciro alƙaluman daga cikinta ta rubuta "zango na uku" a saman shafi ba tare da ta nuna cewa Satumba bai shiga ba. Mai yiwuwa wani ne ya turo masa jadawalin. Mai yiwuwa kuma gaskiyarka ne, bai duba ba. Ko wanne ne, da zarar ya karanta jimlar, abin da zai fara yi shi ne kare kansa a kanta, ya ce maka ya kwana a kan alƙaluman nan. Daga nan gardamarku ta koma kan ko ya duba ko bai duba ba, Satumba kuwa na gefe ba mai waiwayarsa. "Kullum sai ka yi gaggawa" ta fi muni, domin kalmar "kullum" misali ɗaya tak take buƙata ta rushe. Zai tuna maka aikin da ya yi a tsanake a bara, kuma zai yi gaskiya. Ka ba shi hanyar kayar da kai a kan maganar da ba ita ce ta kawo ku ba.

An yi bincike a kan wannan. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan tasirin gaya wa mutane yadda aikinsu yake, suka haɗa sakamako 607. A dunƙule aikin mutane yakan inganta, amma a sama da kashi ɗaya cikin uku na sakamakon, aikin lalacewa ya ƙara yi bayan an yi maganar. Bayanin da suka bayar shi ne, yayin da maganar ta janye hankalin mutum daga kan aikin ta mayar da shi kan kansa, wato ko ni gwani ne, ko ana ganin ƙimata, amfaninta sai ya ragu. Hankalin mutum guda ɗaya ne. Wanda ya kashe shi wajen tunanin yadda kake kallonsa ba shi da sauran da zai raba 380 gida biyu.

To aikin farko shi ne ka bi saƙon jimla bayan jimla, kana tambayar kowace: zan iya ɗora yatsa a kan takarda in nuna wannan? Idan za ka iya, ta zauna, ka kuma ƙara mata lambar shafi. Idan ba za ka iya ba, ko dai ta fita, ko ta koma tambaya. "Ba kai ba gindi" ba ta da shafi, don haka ta fita, abin da ya sa ka faɗe ta ya maye gurbinta. "Ba ka duba ba" ta koma tambaya ta gaske: daga ina alƙaluman suka fito, kuma an shigar da Satumba? "A sake shi gaba ɗaya" ita ma ka auna ta, domin ina zargin ba gaskiya ba ce. Rahoton ƙorafi yakan ƙunshi rabe-raben ƙorafin, da sassan da abin ya shafa, da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a amsa. Idan waɗannan suna nan daidai, abin da ke buƙatar sakewa shi ne taƙaitawar farko, da kwatancen zango biyun, da shawarar ƙarshe. Cewa mutum ya sake komai alhali shafi uku ne matsalar, ƙari ne a kan gaskiya, kuma ƙari a wajen suka ƙarya ce kamar yadda ragi yake ƙarya.

Yanzu ga ramin da ke ɗaya gefen, wanda a ganina ya fi haɗari, domin mai faɗawa cikinsa yana jin ya yi kirki. Mutum ya gane saƙonsa ya yi zafi, sai ya shiga zuba masa ruwa har ya zama haka:

"Sannu da ƙoƙari, rahoton ya yi kyau ƙwarai, an sha aiki. 'Yan abubuwa ne kawai ƙanana da wataƙila za ka so ka ɗan leƙa idan ka sami lokaci, kamar alƙaluman shafi na 2 da na 7, da kuma batun watanni. Amma gaba ɗaya dai madalla."

Ka sa kanka a matsayinsa, ranar Laraba da yamma, ga wasu ayyuka a gabansa. Me zai ɗauka? Rahoto ya yi kyau ƙwarai, abubuwan ƙanana ne, kuma sai idan ya sami lokaci. Zai mayar da 412 zuwa 380, ya miƙa. "Batun watanni" ba zai gane me kake nufi ba, kuma ba abin da ya nuna masa ya tambaya. Ranar Alhamis manaja ya raba lissafin a gaban mutane, abokinka ya juyo ya kalle ka, domin kai ne ka duba. Raunin da ka guje masa a ɓoye ya same shi a bainar jama'a, kuma ya rasa yarda da kai a kan haka. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura da wannan ɗabi'a. Tun 1970 Sidney Rosen da Abraham Tesser suka nuna cewa mutane sukan yi nawar isar da labari marar daɗi fiye da mai daɗi, ko da ba su ne sanadinsa ba. Idan ka duba da kyau, sassaucin irin wannan kai yake karewa daga minti biyar na rashin jin daɗi, shi kuwa ya bar shi a fili.

Kalmomin da ke yin wannan ɓarna sanannu ne: "ɗan", "kawai", "wataƙila", "idan ka sami lokaci", "ba wani abu ba ne". Ba haramun ba ne a yi amfani da su, amma kowace tana da wurinta. "Wataƙila" ta dace inda da gaske ba ka da tabbas. Bambancin 412 da 380 misali ne: guda 32 ne tsakaninsu, kuma zai iya yiwuwa ƙorafe-ƙorafen da aka sake buɗewa ne aka ƙirga a wuri ɗaya ba a ƙirga a ɗayan ba. A nan ba ka sani ba, to ka tambaya. Amma cewa wata biyu ba wata uku ba ne, wannan ka sani. Sa masa "wataƙila" ƙarya ce mai ladabi. Ka bar ƙarfin kowace jimla ya yi daidai da ƙarfin saninka a kanta.

Ga yadda ni zan rubuta shi:

"Salamu alaikum. Na karanta rahoton. Akwai matsala guda babba da nake ganin dole a gyara kafin Alhamis, sai tambaya ɗaya, sai ƙananan gyare-gyare da na sa a jikin takardar.

Babbar ita ce kwatancen da ke shafi na 1 da na 9. Adadin 475 na Afrilu zuwa Yuni ne, wata uku. Adadin 380 kuwa, a jadawalin shafi na 7, Yuli da Agusta kawai ya ƙunsa, ban ga Satumba ba. Idan aka raba a wata, zangon baya kusan 158 ne, na yanzu 190. Wato bisa alƙaluman da ke hannu ƙorafi ya ƙaru ne da kusan kashi 20 cikin ɗari, bai ragu ba. Hakan ya shafi taƙaitawar farko da shawarar faɗaɗa tsarin amsa waya, domin duka a kan raguwar suka dogara. Kana da alƙaluman Satumba? Idan suna nan sai a saka a sake lissafi. Idan ba za su samu kafin Alhamis ba, ina ganin a kwatanta wata da wata, a kuma faɗa a fili cewa Satumba bai shigo ba.

Tambayar: shafi na 2 ya ce 412, jadawalin ya ce 380. Ban gano inda 32 ɗin suka fito ba. Ko waɗanda aka sake buɗewa ne?

Rabe-raben ƙorafin da ka yi a shafi na 4 zuwa na 6 kada ka taɓa su. A nan ne na fara ganin cewa jinkirin mayar da kuɗi ya fi komai yawa, kuma ina ganin manaja zai so wannan ya hau sama.

Ina nan gobe da safe idan kana so mu zauna a kan lissafin tare."

Lambobin shafi na 1, na 9, na 4 zuwa na 6 da batun mayar da kuɗi ni na sa su don misali, kai ka san abin da ke cikin takardar. Amma ka lura da abin da ya faru. Wannan saƙon ya fi naka tsanani a kan rahoton. Naka ya ce ba kai ba gindi, wanda mutum zai iya ɗauka a matsayin ra'ayi ya yi watsi da shi. Wannan ya ce sakamakonka ya juya, ga lissafin, kuma ba yadda za a yi watsi da shi sai an kawo wani lissafin. Duk da haka babu jimla ɗaya a ciki da ta ce komai a kan hankalinsa ko himmarsa. Wanda ake magana a kansa a kowace jimla shi ne shafi, ko adadi, ko jadawali. Inda "ka" ta fito, ko dai tambaya ce, ko yabo, ko tayin taimako.

Layin farkon yana da aikin da mutane ba su cika ba shi muhimmanci ba. Wanda ya buɗe saƙon suka, abin da yake so ya sani kafin komai shi ne girman abin. Idan ba ka gaya masa ba, zai karanta kowane layi yana jiran mafi muni. Da ka ce babba ɗaya, tambaya ɗaya, sai ƙanana, ka ba shi iyakar abin, ya san cewa ba dukan aikinsa ne ya rushe ba, kuma ya san inda zai sa ƙarfinsa. Shi ya sa ma na kori kurakuran rubutu daga cikin saƙon zuwa jikin takardar. Idan ka jera waƙafi da harafin da ya faɗi a layi ɗaya da batun Satumba, abu biyu za su faru. Jerin zai yi tsawo har ya yi kama da tuhuma, kuma babbar matsalar za ta zama ta bakwai a cikin goma sha biyar, ya gyara masu sauƙin ya gaji kafin ya iso gare ta. Ni in lokaci ya ƙure, nakan bar ƙananan ma gaba ɗaya sai an daidaita babbar, domin sakin layin da za a sake rubutawa ba amfanin gyara masa waƙafi.

Batun yabo yana buƙatar a tsaya a kansa. Akwai dabarar da ake koyarwa a tarurrukan horas da ma'aikata, a fara da yabo, a sa suka a tsakiya, a rufe da yabo. Ba na son ta, saboda dalili biyu. Wanda ya saba da ita, da ya ji yabon farko sai ya ɗaure fuska yana jiran "amma", yabon ya tashi a banza. Wanda bai saba ba kuwa yakan tafi da farko da ƙarshe ya manta tsakiya. Yabon da na sa a saƙon wani iri ne. Yana da lambar shafi kamar yadda sukar take da ita, kuma yana ɗauke da umarni mai amfani: kada ka taɓa wannan. Mutumin da aka gaya wa rahotonsa na da matsala yakan shiga rushe har abin da ke daidai, don haka sanin abin da zai bari bayani ne da yake buƙata. Idan ka duba ba ka sami abin yabo na gaske ba, kada ka ƙirƙira. Saƙo marar yabo mai mutunci ya fi wanda aka liƙa wa "an sha aiki" don cika al'ada, domin abokan aiki suna gane yabon da ba a karanta aikin ba aka yi shi.

Akwai wani bincike da ake yawan kawowa a nan, na David Yeager da Geoffrey Cohen da abokan aikinsu, wanda aka buga a 2014. Ɗalibai 'yan aji bakwai a Amurka suka rubuta insha'i, malamai suka yi musu gyara, sai aka liƙa wa wasu 'yar takarda da ke cewa malamin ya yi gyaran ne domin yana da babban buri a kansu kuma ya san za su iya kai wa. Waɗanda suka sami wannan takarda sun fi sauran sake rubuta aikin su dawo da shi, musamman ɗaliban da dama ba su yarda da makarantar sosai ba. Abin ɗauka a ciki shi ne mutum yakan karɓi gyara mai tsauri idan ya san dalilin da ya sa ake yi masa. Amma kada ka kwafi jimlar. Daga malami zuwa ɗalibi ta dace. Daga kai zuwa wanda kuke matsayi ɗaya, "na san za ka iya" raini ce, kamar ka naɗa kanka shugabansa. Tsakanin tsara, abin da ke yin wannan aikin shi ne ambaton Alhamis da tayin zama tare. Su ne ke nuna cewa kana so a gano matsalar a tsakaninku kafin ta isa teburin manaja. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai mai kayan ya ga alamar cewa gyaran kake nufi.

Sai hanyar isar da saƙon. Rubutu ba ya ɗauke da murya, kuma marubuci ba ya jin wannan rashi, domin shi yana jin muryarsa a kansa yayin da yake bugawa. Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun gwada haka a 2005: masu tura imel suna da tabbacin za a gane ko da gaske suke ko gatse suke yi, amma masu karɓa ba su wuce canki da yawa ba, alhali da murya an fi ganewa sosai. Don haka a rubuce ka guji gatse da barkwanci gaba ɗaya, ka guji tambayar da ba amsa kake nema da ita ba, irin "wa ya koya maka lissafi haka?" ko ma mai laushinta, "ka tabbata ka duba?" A lamarinka zan ba da shawarar ka haɗa biyu. Ka same shi ko ka kira shi, ka ce ka ga wani abu a lissafin zango da ke buƙatar dubawa kafin Alhamis, za ka turo masa dalla-dalla. Sannan ka tura. Muryar ta gaya masa ba faɗa ba ne, rubutun ya riƙe alƙaluman. Kuma shi kaɗai za ka tura wa. Sa manaja ko wani a kwafin saƙon yana mayar da gyara ya zama ƙara, komai kyan kalmominka. Shi ya kawo maka aikinsa da hannunsa kafin ya miƙa, wanda ke nufin ya amince ka ga abin da bai gama ba.

Kafin ka danna turawa, ga gwajin da nake yi. Ka karanta saƙon kamar kai ne shi, ka amsa tambaya uku daga abin da ke rubuce kawai: mene ne ba daidai ba, yaya girmansa, me zan yi kafin yaushe. Idan ɗaya ta gagara, alama ce cewa ka sassauta fiye da kima. Sannan ka sake karantawa kana neman jimlar da ba za ka iya faɗa masa ido da ido ba, ko wadda za ka ji kunya idan ta bayyana cewa manhaja ce ta yi kuskuren. Idan ka same ta, wannan ce mai raunin.

Kada ka sa ran ba zai ji komai ba. Mutumin da ya yi kwanaki a kan rahoto aka nuna masa sakamakonsa ya juya, zai ji zafi ko da wa ya faɗa masa, kuma wannan zafin ba naka ba ne ka ɗauke. Wanda ke hannunka shi ne na wulaƙanci, shi ne muka cire. Idan ya amsa a taƙaice ko ya yi shiru na wasu sa'o'i, ka ƙyale shi. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a bi shi da saƙo na biyu, "kada ka damu, ba wani abu ba ne", wanda ke warware duk abin da na farko ya ɗaura. Idan ya zo da gardama, ka saurara da gaske, domin zai iya sanin abin da ba ka sani ba, misali cewa 380 ɗin ya haɗa da Satumba amma kan jadawalin ne ba a gyara ba. In haka ne sai ka ce to, a gyara kan jadawalin, magana ta ƙare, kuma ba ka da abin janyewa tunda ba ka zarge shi da komai ba. In kuwa gardamar ba ta taɓa lissafin ba, ka dawo da shi kansa cikin natsuwa: wata nawa ne a cikin 380?

Zai iya ƙin gyarawa. Rahotonsa ne, kuma kai shawara aka nema a wurinka. Amma tunda shawarar da za a yanke ta dogara da adadin, kuma za a iya cewa kai ka duba, ka gaya masa tun yanzu, kai da shi, cewa idan aka tambaye ka ba za ka ce lissafin daidai ne ba. Ya ji wannan daga bakinka kafin taron, kada ya fara jin sa a cikin taron.

Saura "kullum sai ka yi gaggawa". Na cire ta daga saƙon, amma ban ce ƙarya ce ba. Idan da gaske wannan ne karo na uku da alƙaluma ke zuwa maka a haka, magana ce da ta cancanci a yi ta, sai dai ba a wannan makon ba kuma ba a rubuce ba. Ka bari rahoton ya wuce. Sannan ka zauna da shi da misalai biyu ko uku da za ka iya ambata da sunan rahoto da wata, ka faɗi abin da hakan ke jawo maka, wato kana karɓar aiki kwana ɗaya kafin a miƙa, ba ka da lokacin bin kowane adadi. Ka tambaye shi yadda alƙaluman ke zuwa masa. Sau da yawa a nan ake gano cewa sashen da ke shigar da bayanai ba ya rufe wata sai bayan mako biyu, shi kuma ana neman rahoto a makon farko. Idan haka ne, abin da za ku nema tare shi ne a matsar da ranar miƙa rahoton, ko a amince a riƙa rubuta watannin da adadin ya ƙunsa a saman kowane jadawali.